Littafin bashin shago da rubutun neman jami'a

Wanda ya bi ta JAMB ya nemi Jami'ar Jihar Gombe ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, makinsa ne ke magana a madadinsa, ba wanda zai ce ya ba da labarin kansa. Lamarin yana canjawa ne idan yaro ya nemi jami'a a Amurka ko Birtaniya, ko ya nemi tallafin karatu irin na gidauniyar Mastercard. A nan ana buƙatar rubutun gabatar da kai, kuma a nan ne yaranmu da suka tashi a bakin shago suke zubar da abu mafi ƙarfi da suke riƙe da shi. Ko dai su ɓoye aikin shagon gaba ɗaya don suna ganin ba abin faɗa ba ne, ko su ambace shi da jimla ɗaya mai cewa aikin ya koya musu haƙuri da riƙon amana. Ni malamin sakandare ne a Gombe, kuma ina zama da masu irin wannan rubutu. Zan bi aikin da muka yi da wani ɗalibi ɗaya daga farko har muka tura, domin matakan sun fi fitowa idan an gan su a kan mutum guda.

Mahaifin yaron yana da shagon hatsi da kayan masarufi: shinkafa, masara, wake, sukari, man girki, ana sayarwa da buhu ana kuma awo da mudu. Yaron yana neman jami'o'in Amurka ta manhajar Common App, inda babban rubutun ba ya gaza kalma 250, ba ya kuma wuce 650, kuma rubutu ɗaya ne yake zuwa ga duk jami'o'in da aka zaɓa. Daftarinsa na farko ya buɗe da cewa ya fito daga gidan da ba su da ƙarfi, ya ce yana taimaka wa mahaifinsa tun yana ƙarami, ya jero halaye biyar da aikin ya koya masa, ya rufe da burinsa na kawo ci gaba a Afirka. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma babu abin da mai karatu zai iya kamawa. Gwajin da nake yi wa kowane daftari shi ne in rufe sunan mai shi in tambaya: yaro nawa ne a kasuwar Tudun Hatsi za su iya sa hannu a wannan takarda ba tare da canja kalma ɗaya ba? Idan amsar ita ce dukkansu, to ba a fara rubutun ba tukuna.

Dalilin yana wajen mai tantancewa. Mutum ne da ke karanta takardu masu yawa a rana, kowacce tana cewa mai ita yana da hankali da juriya. Ba shi da hanyar gane mai gaskiya daga kalmomin yabo. Abin da yake iya aunawa shi ne hukunci: an taɓa barin yaron nan da wani abu da zai iya lalacewa a hannunsa? Ya zaɓi hanya ɗaya ya bar wata? Me zaɓin ya ci masa? Ɗaukar buhu da share shago aiki ne, Allah Ya saka wa mai yi, amma ba su nuna hankalin manya, domin umarni ne aka bayar aka bi. Saboda haka aikinmu na farko ba rubutu ba ne, neman wurin da yaron ya yanke shawara da kansa ne.

Na ce ya ajiye biro. Muka zauna da Hausa, waya tana ɗaukar murya, na yi masa tambayoyi na kusan awa guda. Ina yin haka da Hausa ne saboda da zarar yaro ya fara da Turanci sai ya koma jimlolin da ya haddace don jarrabawar WAEC, labarin kuma ya mutu. Tambayoyin ba na halaye ba ne, na aiki ne. Wa ke riƙe makulli? Wa ke ƙirga ciniki da yamma, kuma idan kuɗi bai cika ba wa ake tambaya? An taɓa barin ka kai kaɗai fiye da yini guda? Akwai abin da ake yi a shagon yau wanda ba a yi kafin ka sa baki? Ka taɓa hana wanda ya girme ka wani abu? Ka taɓa jawo asara? Tambayoyi biyun ƙarshe su ne ke fito da kaya, kuma su ne yaro ke gudu, don haka sai an dawo musu sau biyu ko uku.

A tambayar hana babba abu ne ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wannan ai maganar gida ce." Da na lallaɓa sai ga ta. Da kaka, lokacin yana aji biyu na babbar sakandare, mahaifinsa ya tafi sarin hatsi kasuwannin ƙauye na mako uku, ya bar masa shago da littafin bashi. Kafin ya tafi ya yi ƙorafin cewa kuɗin sari ya gaza alhali ana ciniki kullum. Yaron ya zauna dare biyu ya tattara littafin, wanda ake rubutawa bisa kwanan wata, ya mayar da shi kowane mai bashi da shafinsa. Wannan ne karon farko da wani a gidan ya ga jimillar.

Daga nan ban bari mu ci gaba da baki ba. Na ce ya nemi izinin mahaifinsa ya kawo littafin, domin adadin da aka ɗauko daga ƙwaƙwalwa yakan kumbura ba tare da mai shi ya yi niyya ba. A hira ya ce masu bashi sun kai hamsin. Littafi ya ce 31. Jimillar bashin naira 412,000, kayan da ke shagon a lokacin kuma sun kai kimanin naira miliyan 1.6. Da ya kasa su, sai suka fito gida uku. Ma'aikata 14 da ke biya duk ƙarshen wata suna riƙe da 165,000. Mutum 11 masu biya kaɗan-kaɗan suna riƙe da 77,000. Sai mutum shida da suka haura wata uku ba su kawo ko sisi ba amma suna ci gaba da ɗaukar kaya, suna riƙe da 170,000. Wato mutum shida sun riƙe kusan kashi biyu cikin biyar na dukan bashin. Ba yawan masu bashi ba ne matsalar shagon, waɗannan shidan ne.

Biyu daga cikinsu ne suka zama ƙashin bayan rubutun. Ta farko mai sayar da abinci ce a bakin tasha, wadda yake kira Inna don ta san shi tun yana goye, bashinta 58,000. Idan ya hana ta kaya, sana'arta za ta tsaya kuma bashin ya mutu tare da ita. Idan ya ci gaba da ba ta, ramin zai ƙara zurfi. Sai ya je wurinta bayan la'asar, lokacin da babu masu ci, ya durƙusa ya gaishe ta, ya kawo shawara: shinkafar kowace rana ta biya hannu da hannu, ta ɗora naira 500 a kai na tsohon bashi. A lissafi kwana 116 ne, kusan wata huɗu. Ta amince, kuma ta biya, duk da ta ɗauki kusan wata shida saboda ranakun da ba ta fita. Na biyun baffansa ne, ƙanin mahaifinsa, bashinsa 45,000. Ya aiko a ba shi rabin buhun masara, yaron ya ce a yi haƙuri sai Baba ya dawo. Baffan ya ji haushi. Da Alhaji ya dawo ya yaba tsarin shafukan ya riƙe shi, ya amince da yarjejeniyar Inna, amma a kan baffa ya warware hukuncin ɗansa, ya aika masarar da kansa, ya kuma ce ya je ya ba da haƙuri. Ya shaida masa cewa lokacin da aka buɗe shagon, baffan ne ya sayar da shanunsa biyu ya ba da jari, kuma wannan ba ya cikin littafi.

Yaron ya so mu cire maganar baffa, don a ganinsa nan ne ya faɗi. Na tsaya a kan sai ta shiga, kuma har yanzu ina ganin ita ce ta ɗauki rubutun. Labarin Inna kaɗai yana nuna yaro mai dabara. Labarin baffa yana nuna yaron da ya yi hukunci bisa abin da ya sani, aka nuna masa abin da bai sani ba, ya karɓa, ya je ya ba da haƙuri, kuma bai watsar da tsarinsa ba, gyara shi ya yi. Bayan haka ya buɗe shafi dabam na 'yan uwa, wanda Alhaji kaɗai ke da ikon cewa a bayar ko a dakata. Rubutun da komai ya tafi daidai daga farko zuwa ƙarshe yakan sa mai karatu shakka, domin duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin mutane ya san ba haka take faruwa ba.

Kafin mu rubuta kalma ɗaya na Turanci sai da na je shagon na gaida Alhaji. Wannan mataki ba na ladabi kaɗai ba ne. Abin da za a rubuta asirin kasuwancinsa ne da na mutanen da suka amince masa, kuma rubutu zai tafi hannun baƙi. Na ce masa, "Alhaji, ba za a ambaci sunan kowa ba, ba za a faɗi unguwa ko tasha ba, kuma sai an karanta maka da Hausa ka yarda kafin a tura." Ya amince da sharaɗi guda, kada a rubuta adadin bashin ɗan'uwansa. Muka cika masa. A rubutun baffan ya zama "wani babba a danginmu", Inna ta zama "wata mai sayar da abinci". Ba a rasa komai ba, don hukuncin ake son gani, ba fuskar masu bashi ba.

Sai rabon kalmomi. Kalma 650 kamar rumfar kasuwa ce, idan ka shigo da kowane kaya ba wanda zai ga ko ɗaya. Mun raba ta kafin mu fara: kimanin 80 don buɗewa a daren da ya tattara littafin ya ga jimillar, 120 don bayyana shagon, matsayinsa a ciki, da dalilin da ake ba da bashi tun farko, 250 don hukuncin biyu, 120 don dawowar mahaifinsa da abin da ya biyo baya, 80 na ƙarshe don abin da ya canja a yadda yake aiki yanzu. Kashi na biyu ne yake kumbura kullum. Yara suna son ba da tarihin iyali da tarihin gari, sai a tarar an ci kalma 300 ba a kai ga abin da yaron ya yi ba. Idan ka kai tsakiyar rubutu ba ka ga aikatau mai "na" a gabansa ba, irin na tattara, na je, na hana, to shimfiɗar ta cinye labarin.

Amma akwai bayani guda da ba a tsallakewa. Mai karatu a Amurka bai san shagon unguwa a Gombe yana rayuwa da bashi ba. Idan ba a gaya masa ba, zai ɗauka mahaifin sakaci ne ya yi. Jimla biyu sun isa: yawancin masu saye albashi suke jira ko cinikin yini, kuma shagon da ya ƙi ba da bashi zai rasa su ya koma kallon hanya. Da wannan mai karatu zai fahimci cewa tambayar ba a bayar ko kada a bayar ba ce, wa za a ba, nawa, har zuwa yaushe.

Adadi ma sai an yi masa dabara. Naira 412,000 ba ta gaya wa baƙo komai, kuma idan aka mayar da ita dala sai ta zama ƙaramin kuɗi a idonsa, darajar canji kuma tana motsi tsakanin ranar da abin ya faru da ranar karantawa. Abin da ke aiki shi ne gwadawa da shagon kansa. Mun rubuta cewa bashin da ke waje ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na darajar kayan da ke ciki, kuma mutum shida cikin 31 ne ke riƙe da kashi biyu cikin biyar. Kowa a duniya zai gane nauyin wannan. Mun bar adadin naira a wuri ɗaya tak, naira 500 ta kullum, muka ce bai kai kuɗin kwanon abinci guda da take sayarwa ba a lokacin, bayan yaron ya tabbatar da farashin. Adadi huɗu ko biyar a dukan rubutun sun wadatar. Fiye da haka ya zama rahoton akanta.

Matsala ta gaba kunya ce, kuma ba na ɗaukar ta da wasa don tarbiyya ce mai kyau. An hore mu kada mu yabi kanmu, don haka daftari na biyu ya cika da "muka yi", "aka yanke shawara", "da taimakon Allah da na iyaye". Mai karatu ba zai san wa ya yi me ba. Abin da na gaya masa shi ne: ba a ce ka yabi kanka ba, an ce ka ba da shaida. Faɗin "ni mai amana ne" yabon kai ne, kuma shi muke cirewa. Faɗin "na raba littafin shafi 31" labarin abin da ya faru ne. Muka bi rubutun jimla-jimla, duk inda shi ya yi abu muka sa "na", inda mahaifinsa ya yi muka ba shi nasa. Da aka gama sai rubutun ya fi na farko tawali'u, domin babu sifar yabo ko ɗaya a ciki, kuma an ga Alhaji a matsayin wanda ya fi ɗansa hangen nesa.

Akasin wannan ma yana faruwa, kuma ya fi haɗari. Yaro ya ji ana son shugabanci, sai ya kira kansa manajan kamfani, ya ce ya ninka riba. Shago mai ƙofa ɗaya ba shi da manaja, kuma ribar da ta tashi a shekarar da farashin abinci ya yi ta hawa, kamar bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ba lalle aikin yaro ba ne. Idan aka kira shi ganawa aka ce ya bayyana yadda ya ninka ribar, nan take zai tsaya. Ƙa'idar da muka bi ita ce kada a rubuta jimlar da ba zai iya amsa tambaya uku a kanta ba. Na gwada shi da kaina: me ya sa 500 ba 1,000 ba? Ya ce ya san cinikinta, da ya ce dubu za ta amsa don kunya, ta yi kwana biyar ta daina zuwa. Wannan amsar ta fi duk abin da ke daftarin kyau, sai muka shigar da ita.

Sashen ƙarshe shi ne inda ake komawa wa'azi. Ya fara rubuta cewa ya koyi cewa rayuwa ba kuɗi kaɗai ba ce. Muka goge. Na tambaye shi abin da yake yi yanzu wanda ba ya yi a da. Ya ce kafin ya yanke hukunci a kan kowane shafi yakan tambayi mahaifinsa ko akwai tarihi tsakaninsu da mutumin, kuma duk ranar Asabar yana ware waɗanda suka haura kwana 60 don a yi musu magana tun bashin bai yi nauyi ba. Ya kuma ce abin ya sa yana son sanin yadda ake auna wanda za a ba rance idan ba shi da takardar albashi ko asusun banki, shi ya sa yake neman karatun tattalin arziki. Da wannan aka rufe. Ba a ambaci sunan wata jami'a ba, tun da rubutun ɗaya ne zai je wa dukkansu.

Sauran aikin shagon bai ɓace ba, wurinsa dabam ne. Common App tana da sashen Activities mai ɗaukar ayyuka har goma, kuma cikin nau'o'in da ake zaɓa akwai Family Responsibilities, wato hidimar gida, da Work (Paid), wato aikin da ake biya. Yaron ba a biyan sa albashi, don haka muka zaɓi na farko. Da a shagon wani yake ana ba shi kuɗin mako, ko yana zaman POS ana biyan sa, da na biyun ne. Gurbin bayani haruffa 150 ne kacal har da sararin da ke tsakanin kalmomi, don haka ba a yin cikakkiyar jimla, ana jera aikatau da adadi: riƙe littafin masu bashi 31, ƙirga cinikin yini, tsare shago shi kaɗai mako uku da kaka.

Gurbin awanni ne ya fi kama mutane. Ana tambayar awa nawa a mako, mako nawa a shekara. Ya rubuta 40 da 52. Muka zauna da lissafi. Lokacin karatu yana zama Litinin zuwa Alhamis daga ƙarfe huɗu zuwa shida da rabi, awa 10 ke nan, da Asabar awa 8, jimla 18, na mako 36. Lokacin hutu yana yin kusan awa 40 na mako 12. Sauran mako huɗun na jarrabawa ne da tafiyar Sallah. Awa 648 na lokacin karatu da 480 na hutu sun ba da 1,128, a raba da mako 48 ya ba da 23 da rabi. Muka sa 23 da 48. Mai tantancewa yakan tara awannin duk ayyukan da aka lissafa, ya ɗora lokacin makaranta da barci, kuma idan mako ya gaza ɗaukarsu sai ya daina yarda da sauran takardar. Awa 23 na gaskiya a kan karatu nauyi ne da ba ya buƙatar ƙari.

Makinsa na lissafi ya ɗan sauka a zangon da mahaifinsa ya yi tafiya. Ba mu sa wannan a babban rubutu ba don kada ya zama neman uzuri. Akwai sashen Additional Information, wato ƙarin bayani, a nan ya rubuta jimla uku: zangon, dalilin, da cewa makin ya dawo a zango na gaba. Sannan ya sanar da malamin da zai rubuta masa takardar shaida game da aikin shagon, domin malamai da yawa ba su san abin da ɗalibansu ke yi bayan an tashi ba. Layi ɗaya daga bakin malami mai cewa ya san yaron nan yana riƙe shago ya fi sakin layi daga bakin yaron, kuma shaidar uba ba ta ɗaukar wannan nauyi don kowa ya san uba zai yabi ɗansa. Mun kuma duba cewa abin da rubutun ya faɗa game da girman shagon bai saɓa wa abin da aka cika a fom ɗin neman tallafin kuɗi ba, irin CSS Profile, inda ake tambayar kuɗin shiga da kasuwancin iyali. Wanda ya kumbura shago a rubutu ya kuma ƙanƙantar da shi a fom ɗin kuɗi ya ba da dalilin a yi shakkar duka biyun.

Da Birtaniya yake nema ta UCAS, manhajar neman jami'o'in ƙasar, da ba haka za mu yi ba. Can haruffa 4,000 ne gaba ɗaya, kuma daga masu shiga a 2026 an raba rubutun tambayoyi uku: me ya sa kake son fannin, yadda karatunka ya shirya ka, da abin da ka yi a wajen makaranta da amfaninsa. Nauyin yana kan fannin karatu, don haka labarin shago zai shiga tambaya ta uku a taƙaice, ba buɗewa da dare da fitila, sai dai abin da aka yi da yadda ya haɗu da darasin da ake nema. Ga mai neman akanta ko tattalin arziki, kasa bashin gida uku ya zauna daram. Ga mai neman likitanci, zuwa wurin Inna da yadda aka yi maganar ba tare da an kunyata ta ba shi ne abin ɗauka.

Duk wannan ya shafi 'yan mata daidai wa daida, ko da babu shago mai ƙofa. Yarinyar da ke riƙe lissafin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na mahaifiyarta a cikin gida, ko ta tattara zubin adashi, tana yanke irin waɗannan hukunce-hukunce, sai dai sau da yawa babu littafi. A irin wannan hali nakan ce ta fara rubutawa yau, ta yi mako shida ko takwas tana ajiye abin da aka saya da abin da aka sayar da wanda ya ci bashi, sannan a yi rubutun a kan adadin da aka gani da ido.

Game da lokaci, Common App tana buɗe sabuwar shekara ranar 1 ga Agusta, jami'o'i da yawa suna rufe zagayen farko na masu nema da wuri ranar 1 ga Nuwamba, na gama-gari kuma a farkon Janairu. Mun fara hira a Agusta, domin tsakanin daftari da daftari ana buƙatar a bar rubutu ya kwana mako guda kafin a sake dubawa. Gyaran Turanci shi ne na ƙarshe, kuma na taƙaita shi ga nahawu da alamomin rubutu. Inda jimla ba ta fita ba, nakan ja layi in ce ya faɗa mini da Hausa abin da yake nufi, sannan ya sake rubutawa da kansa. Idan babba ya sake gina jimlolin, rubutun yakan fito da muryar ɗan shekara arba'in, ya saɓa wa makin Turancin yaron da yadda zai yi magana a ganawa, ga shi kuma mai nema yana sa hannu cewa aikin nasa ne. Kafin turawa yaron ya karanta wa Alhaji da Hausa a shago bayan isha'i. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara abu ɗaya: ya ce tafiyar sarin ba ta cika mako uku ba, kwana goma sha takwas ce. Muka canja a rubutun da kuma a sashen Activities, muka manna rubutun a gurbinsa, muka duba ta Preview cewa sakin layukan ba su haɗe ba kuma ƙidayar ta tsaya a 638, sannan ya tura.